Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Gidajen Da Aka Shafa Wa Jan Fenti

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne magidantan layin nan na bakin titi a unguwarmu da ke Kaduna, waɗanda aka shafa wa katangunsu jan fenti makonni uku da suka wuce. Ma'aikata sun zo da safe da abin awo, suka yi alama a gida ashirin da uku, suka ce za a faɗaɗa hanya. Babu wanda aka miƙa wa takarda. A gidan wata gwauruwa layin fentin ya ratsa ta kan rijiyarta da rabin ɗakin da take haya da shi.

Da farko muna roƙon a janye wasiƙar da samarinmu suka kawo fada a makon jiya. Zafin rai ne ya rubuta ta. Sun ce doka ta hana gwamnati taɓa gidan talaka, kuma wajibi ne a ba mu wasu filaye. Mun zauna da lauya ɗan unguwa, ya buɗe mana littafin muka bi layi-layi, babu ko ɗaya daga cikin biyun. Duk jami'in da ya ga mun ƙara wa miya gishiri a wuri ɗaya, ba zai ƙara yarda da sauran maganarmu ba, kuma Hakimi ne zai ji kunya a madadinmu.

Ga abin da muka tsaya a kai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 28, ta ba Gwamna ikon soke haƙƙin zama a kan fili saboda amfanin jama'a, hanya kuwa amfanin jama'a ce. Wannan ba mu musa ba. Amma ƙaramin sashe na 6 na wannan sashen ya ce sai jami'in da Gwamna ya wakilta ya sa hannu, a kuma sanar da mai haƙƙin. Sashe na 44 ya lissafa yadda ake isar da sanarwar: a miƙa hannu da hannu, ko a bar ta a mazaunin mutum, ko a aika ta gidan waya da rajista, ko a manna ta a inda ake gani a jikin gidan idan ba a samu wanda za a bai wa ba. A fahimtarmu fenti ba ya cikin waɗannan. Mun ce a fahimtarmu ne, domin yanke hukunci aikin kotu ne.

Maganar diyya ita ce ta fi yi mana ɗaci da muka karanta. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda lambarsa ta zo ɗaya da na waccan doka amma batunsa daban, ya tanadi biyan diyya cikin gaggawa. Sai dai sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa bai ce a biya kuɗin fili a farashin kasuwa ba. Abin da ake biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kai: gini a kan kuɗin sake yin irinsa bayan an cire na tsufa, da amfanin gona, da kuɗin hayar ƙasa na wannan shekarar in an biya. Ke nan gwauruwar nan ɗakinta da rijiyarta za a ƙiyasta, ba darajar bakin titi ba. Sauya matsuguni kuwa, sashe na 33 cewa ya yi Gwamna yana iya bayarwa in ya ga dama. Saboda haka wannan roƙonsa muke yi, ba bashi muke bi ba.

Akwai kuma abin da ba za mu ɓoye wa Hakimi ba. Ba dukanmu muke da takardar mallaka ta gwamnati ba. Waɗanda suka gaji gidajen da aka gina kafin dokar ta fara aiki a 1978 suna dogaro da sashe na 34. Waɗanda suka saya daga baya da takardar mai unguwa kaɗai, matsayinsu bai kai wannan ƙarfi ba, kuma ba mu sa su a layi ɗaya ba. Mun ware sunayensu a shafi na daban.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka isar da wannan koke ga hukumar da abin ya shafa: a ba kowane gida sanarwa a rubuce, a yi ƙiyasi a gaban mai gida ya ga abin da aka rubuta, kuma a dakatar da rusau har a biya. Wanda bai gamsu da adadin ba, a miƙa batunsa ga kwamitin rabon filaye da sashe na 30 ya ambata.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
Magidantan layin, sa hannunmu na biye.