Wutsiyar kare ba duba ba ce: amsa ga Alhajin da ya ƙalubalance ni

"Likita, ka ce wai kare na karkata wutsiya dama in yana murna, hagu in yana tsoro. Wannan ilimi ne ko duba? Abin da ka karanto a jami'a ke nan?"

Alhaji, ranka ya daɗe,

Kalmar duba ce ta ƙona mini rai. Shekaruna nawa ina aikin dabbobi a Sakkwato, makiyaya da maharba sun san hannuna. Da sani kake nema, da ka tare ni a gefe, ba a gaban taro ba.

Ga abin da na dogara da shi. A 2007 masu bincike uku a Italiya, Quaranta da Siniscalchi da Vallortigara, suka gwada karnuka 30. A sa kare a keji, kyamara na ɗaukar wutsiyarsa, sai a nuna masa abu. Da ya ga mai shi, kaɗawar ta fi zurfi zuwa dama, da ƙarfi. Baƙon mutum, dama dai, amma ƙarfin ya ragu. Kyanwa, dama, a sanyaye. Da aka kawo wani ƙaton kare da bai sani ba, sai ta rinjaya hagu.

Dalilin a ƙwaƙwalwa yake. Ɓangarenta na hagu ke juya dama ta jiki, na dama ke juya hagu. Ai ka ga mai shanyewar ɓarin jiki: cutar na gefe guda a kai, hannun ɗaya gefen ne ke mutuwa. Ɓangaren hagu ya fi aiki idan dabba na son kusantar abu, na dama idan tana son ja da baya. Wanda ya fi motsi, shi ke rinjayar wutsiyar.

Su kansu karnuka suna ganewa. A 2013 aka nuna wa karnuka 43 bidiyon kare yana kaɗawa. Idan hagu ce, bugun zuciyarsu ya ƙaru, su shiga ɗar-ɗar. Idan dama ce, suna nan hankali kwance.

In ka duba karen gadinka ba ka ga komai ba, ba mamaki. Wutsiyar na zuwa kowane gefe, rinjaye ne kawai, kuma a bidiyo aka auna shi hoto bayan hoto. Sannan damar kare ake nufi. In kuna fuskantar juna, hagunka ce.

Abin da ke damuna ya wuce wannan gardama. Sau nawa uba ke zuwa ya ce mini, "Wallahi, Likita, karen yana kaɗa wutsiya ya ciji yaron"? An ɗauka duk kaɗawa maraba ce. Wutsiya a miƙe sama, a sandare, tana rawa da sauri, jiki a ƙage, wannan kare gargaɗi yake yi. Shi nake ƙoƙarin koya wa iyaye ranar da ka katse ni, kuma yanzu rabinsu kalmarka suka tafi da ita gida.

Wassalam,
Likitan dabbobi, Sakkwato