Malam a taimaka min da kalmomin Turanci a, an da the kafin jarabawa ta ƙaraso

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya iyali ya aiki, Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Kano, ina yawan sauraron shirinka na ilimi idan ba na duti, shi ya sa na ce bari in kawo maka damuwata ko Allah zai sa a dace.

Ina shirin rubuta jarabawar OET ne, wadda ake yi wa ma'aikatan lafiya don a gwada Turancinsu. A ɓangaren rubutu za a ba ka bayanan mara lafiya a guntu-guntu irin yadda muke rubutawa a fayil, sai a ce ka mayar da su cikakkiyar wasiƙa zuwa ga likita ko wata nas, kalma 180 zuwa 200, cikin minti 45 wanda biyar na farko karatu ne kawai ba a taɓa biro. To Malam ba maganar aikin ce ta dame ni ba, na san me ya kamata in faɗa da abin da zan bari. Mai duba min rubutu a lesin duk sanda ya dawo min da takarda jan biron nasa a kan abu ɗaya yake, a, an, the, ko dai na sa inda ba a so ko na bari inda ake so.

Kuma ni a ganina aikinmu ne ya ƙara lalata abin, don a fayil ba mai sa su. Rubutawa kawai muke "Patient admitted with fever, wound on left leg, dressing changed" a wuce wurin, likitoci ma haka suke yi, kanun labaran jaridun Turanci ma haka. Ga shi Hausa dama ba ta tilasta maka, sai ka ce mara lafiya ta zo da zazzaɓi kuma magana ta cika ba abin da ya rage. Shekara da shekaru hannuna ya saba da haka, yanzu a ce in dawo da su kowanne a mazauninsa.

Bari in fara da abin da na riga na gane don kar ka sha wahalar maimaita min. Tsakanin a da an ba ni da matsala sosai yanzu, na gane sauti ake bi ba harafin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake cewa "an hour" saboda h ɗin ba a furta shi, amma "a urine test" da "a unit" saboda da sautin y bakin yake farawa duk da u ce a rubuce, sai kuma "an ulcer" don nan wasali ne zalla. Gajerun sunayen da muke amfani da su kullum ma haka ne, "an X-ray", "an MRI", "an HIV test" saboda idan ka kira sunan harafin farko da wasali yake fita, amma "a CT scan". Wannan kam da na furta a hankali nake ganewa.

Na kuma san dokar da aka koya mana tun sakandare, cewa farkon ambaton abu a sa a, idan an sake ambatonsa a sa the. Wannan ta zauna min don muna da kwatankwacinta, wata mata ta zo, matar tana da ciwo a ƙafa, ciwon ya fara ruwa. Wannan -r da -n da muke liƙawa a ƙarshe suna nuna an riga an san wanda ake nufi. Amma fa iyakar inda Hausar ta raka ni ke nan. Mu ba ma cewa ita wata malama ce idan sana'arta kawai muke son faɗa, cewa muke ita malama ce, su kuwa dole "She is a teacher". Haka muna cewa zuciya tana harba jini ba tare da mun liƙa komai ba, su kuma "The heart pumps blood", ga the a kan zuciya alhali ba a taɓa ambatonta ba, ga jini kuma tsirara ba komai a gabansa. Wato sunan da mu muke bari haka nan, su sai su raba shi gida uku, kuma a nan nake ɓata.

Ga misalin wanda na yi a satin nan don ka ga inda abin yake. Bayanan sun ce an kwantar da wata mata da zazzaɓi da ciwon kai, gwaji ya nuna maleriya, tana da ciwon suga, akwai rauni a ƙafar hagu ana wanke shi sau biyu a rana, an ba ta shawara kan abinci. Ni kuma na rubuta:

"The patient was admitted to the hospital with fever and headache. She has a malaria and the diabetes. There is wound on the left leg. Wound is dressed twice in a day. She was given an advice on the diet."

Shi kuma ya gyara ya zama:

"The patient was admitted to hospital with a fever and a headache. She has malaria and diabetes. There is a wound on her left leg. The wound is dressed twice a day. She was given advice on diet."

Na raunin ban yi musu ba, "a wound" sannan "the wound", dokar farko ce gaggawa ta sa ta kuɓuce. Amma sunayen cututtukan nan Malam su ne suka tsaya min a rai. Ciwon kai ya karɓi a, mura ma na ga ana cewa "a cold", amma maleriya da suga da hawan jini ba sa karɓar komai. Na tambaye shi dalili ya ce sunan cuta na asali ba a ƙirga shi, shi kuwa ciwon kai abu ne da yake zuwa ya tafi ana iya cewa sau ɗaya sau biyu. To ai maleriya ma tana zuwa ta tafi, mu nan da damina wani sai ya yi ta sau uku. Sannan a littattafan aiki ina ganin "presented with fever and headache" ba a ko ɗaya, shi ma da na nuna masa sai ya ce duka biyun ana yi. To idan duka ana yi me ya sa ya ja min layi? Wannan nake so ka fayyace min, wanne ne kuskure na gaske wanne ne kawai zaɓin mai gyara.

Sai maganar asibiti. Ya ce Turawan Ingila idan mutum yana kwance a matsayin mara lafiya "in hospital" suke cewa ba the, idan kuwa ginin ake nufi kamar wanda ya je dubiya sai a sa the, irin bambancin "go to school" na ɗalibi da "go to the school" na uban da ya je ganin hedimasta. Amma wai Amurkawa "in the hospital" suke cewa ko mutum a kwance yake. Ni yanzu wanne zan riƙe? Don abin da nake karantawa a waya gauraye yake, ban ma san na wace ƙasa nake kwasa ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na shawara. Tun muna yara "an advice" muke ji a bakin manya masu digiri, har da "equipments" da "informations", ashe duk a jarabawa kuskure ne, kalmomin ba a ƙirga su a Turanci sai dai ka ce "some advice" ko "a piece of advice". Mu kuwa shawara ɗaya shawarwari uku, bayani bayanai, lafiya lau muke ƙirgawa, to ta ina kunnena zai gaya min cewa ba daidai ba ne. Har tiyata ma, "She had surgery" ba a, amma "She had an operation" da an, kuma aiki ɗaya ne aka yi wa matar wuƙa ɗaya. Wannan ya nuna min ba a abin da ya faru ƙirgar take ba, a jikin kalmar take, kowacce da halinta. Ga wasu kuma masu fuska biyu, "She complained of pain" amma "a sharp pain in the chest", da an siffanta ciwon an ware shi sai a ta shigo.

Dabarar da nake gwadawa yanzu ita ce duk sunan da na rubuta sai in tsaya in tambayi kaina, wanda zai karanta wasiƙar nan ya san takamaimai wanne nake nufi? Idan ya sani, ko don na ambata a baya ko don guda ɗaya ne tak a wurin, sai in sa the. Idan bai sani ba sai in duba ana ƙirga kalmar? Idan ana ƙirgawa kuma guda ɗaya ce to ba za ta zauna ita kaɗai ba, sai da a ko an, ko wani abu kamar her ko this. Idan jam'i ce ko ba a ƙirga ta kuma magana ce ta gaba ɗaya sai in bar ta haka, kamar "Patients need rest". A gida yana min aiki ba laifi, ina buɗe ƙamus in ga ko an sa wa kalmar C, wato ana ƙirga ta, ko U, wato ba a ƙirga ta. Amma a ɗakin jarabawa babu ƙamus, kuma wasiƙa ɗaya sunayen da ke cikinta suna da yawa, idan na tsaya yi wa kowanne tambayoyin nan lokaci zai ƙare ban kai rabi ba. Wata ƙawata ta ce in daina wahalar da kaina, duk inda na yi shakka in sa the kawai, ni dai ban yarda ba don haka na yi a "the diabetes" da "the diet" kuma duka an soke.

To Malam ga abin da nake roƙo. Wannan tsarin tambayoyin nawa daidai yake ko akwai inda zai kai ni rami? Ya fi min in haddace kalmomin aikinmu tare da abin da ke gabansu kamar kalma ɗaya, wato in riƙe "a headache" da "an injection" da "twice a day" a dunƙule, ko in ci gaba da bin doka? Kuma wajen rubutu, in rubuta wasiƙar gaba ɗaya tukuna sannan in ware minti biyar na ƙarshe in bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ko tun farko in riƙa sa su ina tafiya? Sai na ƙarshe, a wurin aiki in fara rubuta cikakkun jimloli a fayil don hannuna ya saba, ko hakan zai zama ɓata lokaci tunda da dare wani sa'in mu biyu ne kacal a kan ɗaki guda cike da marasa lafiya.

Don Allah idan za ka amsa a shirin ka ɗan ja misalan a hankali, ina da abokan aiki da za mu rubuta tare kuma duk abin nan yana damunsu, za mu yi rikodin mu riƙa saurara. A sakaya sunana. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Daga ɗalibarka,
wata nas a Kano