Ka ajiye kirarin nan, ka aika masa lamba da takarda

Argungu, Jihar Kebbi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya iyali, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, an fara yankan shinkafar rani a fadama, injin namu kusan bai hutawa. Na ga wasiƙar da ka turo min wadda kake son kai wa jami'in sayen kaya na makarantar gwamnatin tarayyar nan, na karanta ta sau biyu, kuma don Allah kar ka kai ta yadda take.

Ka rubuta shinkafarku ita ce lamba ɗaya a Arewa, fara tas, ba tsakuwa, farashi mai rahusa. Ni na san gaskiya kake faɗa don na ci ta, amma wanga mutumin ba zai iya sa ko ɗaya daga cikin maganganun nan a fayil ba. Shi duk abin da ya saya sai ya kare shi gaban kwamitin tanda, bayan shekara kuma masu odit su zo su buɗe fayil su ce mi ya sa ka ba wane ba ka ba wane ba, to a ranar "fara tas" ba ta cetonsa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ita ke kansa, kuma hukumar BPP mai sa ido kan sayen kayan gwamnati na iya neman fayil ɗin. Ni ma irin taka na fara kaiwa wata ma'aikata shekarun baya, mutumin ya karanta a gabana ya ce Alhaji danshin nawa ne, na rasa amsa, abin ya dame ni sosai don kayana masu kyau ne.

To bari in fara da danshin tunda shi ya koya min. Ka sa a rubuce cewa danshin shinkafarka bai wuce kashi 14 cikin ɗari ba, kuma ka auna da mita kafin ka rubuta, ba cizawa da haƙori ba. Ga abin da ya sa yake tambaya. A ce tirela ɗaya za ka kai, buhu 600 mai kilo 50, tan 30 ke nan. In an ɗinke buhun shinkafar tana kan 17, ta zauna a sito ta bushe ta koma 14, kowane buhu zai dawo kamar kilo 48 da ɗan kai, wato ya rasa wajen kilo 1.7, ka buga sau 600 za ka ga sama da tan ɗaya ya tafi a iska, kusan buhu 21 da gwamnati ta biya kuɗinsu ba ta gan su ba. Wannan ma in ta bushe lafiya ke nan, in sito bai da iska sai ta yi gumi ta fara warin ruma ta canza kala, kuma mai sito ba kai zai fara kira ba, jami'in da ya sa hannu zai kira.

Haka karyayya. Kar ka ce "ba ta da gutsattsari da yawa", ɗebi giram 100 daga buhu daban daban, sama da tsakiya da ƙasa, ka ware duk ƙwayar da ba ta kai kashi uku cikin huɗu na tsawon cikakkiya ba, ka ɗora a ƙaramin sikeli. In ta ba ka giram 8 to ka rubuta ba za ta wuce kashi 10 ba, ka bar wa kanka fili. Kar ka yi kwaɗayin rubuta 5 don ta yi kyau a takarda, ranar kai kaya za su soka buhu su gwada da samfurin da ka bari, in bai yi daidai ba motar ce za ta juyo da kuɗin dakonka. Sai ka ƙara da cewa dafaffiya ce doguwar ƙwaya, nauyin buhu kilo 50 ban da nauyin buhun kansa, lambar rajistar NAFDAC tana jikin buhu, kwana nawa za ka kai bayan an ba ka takardar oda, da kwana nawa farashin zai tsaya bai motsa ba. Wannan na ƙarshen ka yi hankali da shi, ka san yadda shanshera ke tashi da zarar kaka ta wuce.

Sai takardu, kuma a nan ne na ga mutane da yawa sun faɗi tun ba a kalli farashinsu ba. Satifiket na CAC, takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, ta hukumar fansho PenCom in ma'aikatanka sun kai 15, ta asusun horar da ma'aikata ITF in ta shafe ka, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, da shaidar rajista a rumbun ƴan kwangila na BPP. Akwai kuma takardar rantsuwa ta kotu inda za ka bayyana ko wani jami'in wurin yana da hannu ko hannun jari a kamfaninka. Abu biyu ke kashe mutane. Na farko yawancin takardun nan ranar 31 ga Disamba suke mutuwa, sai ka ga mutum a Fabrairu yana yawo da na bara. Na biyu suna, in CAC ta ce kaza Limited, to takardar haraji da ta banki da kan wasiƙarka duk su faɗi haka harafi da harafi, na taɓa ganin an ajiye fayil ɗin wani gefe don ya haɗa takardar kamfanin yayansa. Wannan lissafin na tarayya ne fa, in ka juya wajen gwamnatin jiha tana da tata rajistar ƴan kwangila daban.

Maganar waɗanda ka taɓa yi wa aiki, ka rubuta "manyan ma'aikatu da dama", goge wannan. Yawanci aiki uku suke nema irin wannan a cikin shekara biyar, kowanne da takardar ba da aikin da ta kammalawa. Ka sa sunan wurin, buhu nawa, wane wata, da lambar wanda zai ɗaga waya ya ce ƙwarai ya kawo. Kuma ka kira su tukuna ka nemi izini, kar a bugo mutum ya ce wa ke nan. In buhu 80 ka kai wa makarantar kwana ka ce 80, ya fi masa amfani da dubu ɗin da ba a iya tabbatarwa.

Wasiƙar kanta shafi ɗaya ta isa, gaisuwa layi ɗaya, kai wane ne, ga abin da kake sayarwa da lambobinsa, ga jerin takardun da ka maƙala, sai ka roƙi a gaya maka yadda ake shiga rajistarsu da inda suke sa tallar tanda. Ka kai ta ofis a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Samfuri kilo ɗaya ko biyu a leda da lamba a jiki, ba buhu guda a but ɗin motarsa ba, kuma kar ka bi shi gida ko ka sa surukinsa ya yi maka magana, wallahi tsoronka zai ji. In an riga an buga talla duk tambayarka ta zama a rubuce, kuma ka kiyaye lokacin rufewa don wadda ta makara ko buɗe ta ba a yi.

Ka auna danshin da karyayyar cikin satin nan ka turo min lambobin tare da hoton takardunka in duba ranakun, sai mu gyara ta tare kafin ka kai. In ba ka da mita ka faɗa min, akwai direban da ke zuwa wajenku ranar Laraba sai in ba shi tawa.

Ka gaida Hajiya da yara, Allah ya sa a dace.

Naka,
abokinka na Argungu