Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ayyuka Kan Maƙalewar Lifta da Mutane Bakwai

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in sanar da kai abin da ya faru ranar Talatar da ta gabata a ɗaya daga cikin benayen ofisoshin gwamnati da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikatarka. Ni tsohon ma'aikacin lantarki ne, na yi aikin gyaran lifta kafin in yi ritaya, kuma ina cikin mutum bakwai da suka maƙale a ranar. Maƙalewar ba ta tayar min da hankali kamar yadda aka fito da mu ba, kuma a kan wannan nake son ka duba.

An ɗauke wuta da ƙarfe 11:20 na safe, liftar ta tsaya cak tsakanin hawa na uku da na huɗu. Mutum na ƙarshe ya fito da ƙarfe 12:35, wato minti 75 ke nan. Ba lodi ne ya yi yawa ba, domin allon da ke ciki ya ce mutum 8 ko kilo 630. Da aka tayar da janareto mun ji ƙararsa, amma liftar ba ta motsa ba.

Fitilar gaggawa ba ta kama ba, fanka ta mutu, na danna ƙararrawa shiru, wayar ciki kuma igiyarta a tsinke take. Da bugun ƙofa da kiran wayar hannu muka samu aka san muna ciki. Akwai wata dattijuwa da ta zo bin haƙƙin marigayi mijinta, da wata mai juna biyu, da wani bawan Allah mai ciwon suga wanda bai karya ba. Bayan kamar rabin awa zufa ta jiƙa kowa sharkaf. Dattijuwar ta zame ta zauna a ƙasa tana salati, tana cewa iska za ta ƙare, muka riƙa yi mata fifita da fayil ɗin takardunta. Na ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, akwai kafofin iska a sama da ƙasa, ba ta ƙarewa." Gaskiya ne kuwa, zafi da firgici ne ke kayar da mutum a lifta. Sai dai wannan magana daga waje ya kamata ta fito, daga bakin wani da aka ɗora wa alhakin tsayawa a bakin ƙofa yana tambayar mu nawa ne, wa ba shi da lafiya, yana faɗa mana inda aka kwana. Babu wanda ya yi hakan.

Masu gadi da masinjoji ne suka kawo mana ɗauki, Allah ya saka musu da alheri, ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Ba su sami makullin nan mai kusurwa uku da ake buɗe ƙofar hawa da shi ba, sai suka sa ƙarfen cire taya suka ɓanɓare ƙofar hawa na uku. Daɓen liftar yana sama da daɓen benen da fiye da mita ɗaya, a ƙarƙashinsa kuma rami ne buɗe har ƙasa. Aka kawo kujerar roba, aka ce mu riƙa zuro ƙafa ana tarar mu. Wanda ƙafarsa ta goce a irin wannan saukowa, cikin ramin yake tafiya. Na tambaya ko an kashe babban makunnin liftar, aka ce ɗakin injin a kulle yake, mai makullin ya fita. Ma'ana liftar tana da wuta a jikinta lokacin da rabin jikin mace mai ciki ke waje, rabi na ciki. Makullan tsaro na ƙofa ya kamata su hana ta motsi, amma wanda ya yi aikin nan ya san sau nawa ake samun an haɗe su da guntuwar waya don a huta da ƙorafi. Na ƙi yarda a ci gaba sai da aka fasa kwaɗon aka kashe wutar.

Hanyar da aka sani ba ta da wuya, tana dai buƙatar mutum biyu da aka horar. Da farko a yi magana da na ciki, a ce su matsa daga ƙofa. Sai a hau ɗakin inji a kashe makunni a sa masa kwaɗo. Ɗaya ya riƙe sitiyarin injin da kyau, ɗayan ya saki birki a hankali, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har alamar fenti da ke jikin igiyoyin ta nuna an daidaita da hawa. A mayar da birki, a tabbata ya kama, sannan a buɗe ƙofa da makulli mutane su tako da ƙafarsu. A hannun wanda ya iya, aikin mintoci ne.

Washegari na koma na roƙi ganin littafin kula da liftar, aka nuna min shi a ɗakin inji. Bisa al'adar sana'ar, wata-wata ake duba liftar da jama'a ke hawa kullum, a rubuta abin da aka gani, a sa hannu. Sa hannu na ƙarshe a littafin ya kai wata tara. A shafuka biyu na ƙarshe makanikin ya rubuta cewa batiran na'urar ceto sun mutu, a sauya. Wannan na'ura ita ce ke ɗaukar lifta da batir ta kai ta hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa idan an ɗauke wuta. Na ga batiran da idona, sun kumbura, kawunansu sun yi farin gari. Da an sauya su, da maƙalewar tamu ba ta wuce minti ɗaya ko biyu ba. Ƙin tashinta a kan janareto kuma yana iya zama layukan wuta uku ne suka juye ko ɗaya ya ɓace, sai na'urar kariya ta hana injin tashi. Akwatin sarrafa liftar yana ajiye lambobin matsala, injiniya zai iya karantawa ya tabbatar. Ma'aikatan ginin sun ce min ba yau ta fara tsayawa da mutane ba, amma ko sau ɗaya ba a rubuta a littafin ba.

Ranka ya daɗe, ba mu manta da likitar nan matashiya da lifta ta faɗo da ita a gidajen likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Legas ranar 1 ga Agusta 2023 ba, ta rasa ranta, abokan aikinta kuma suka ce sun daɗe suna kuka da liftar.

Roƙona shi ne a rufe wannan lifta har sai injiniyan da ba na kamfanin da ke da kwangilar ba ya duba birki, igiyoyi da makullan ƙofa, musamman ƙofar hawa na uku da aka lanƙwasa. A sauya batiran, a gyara ƙararrawa, fitila da waya, a gwada su ta hanyar kashe wuta da gangan ba kowa a ciki. A horar da aƙalla mutum biyu a kowane zangon aiki, a ajiye makullin buɗe ƙofar hawa da na ɗakin inji a wurin mai gadin ƙofa, a manna lambar makaniki a cikin liftar. Ina kuma roƙon a binciki dalilin tsayawar sabis na wata tara, ko kwangila ce ta ƙare, ko kuɗi ne ba a saki ba. Ya dace kuma wani daga ma'aikatar ya nemi matan nan biyu ya ji lafiyarsu, domin ranar ko ruwa ba a ba su ba suka kama hanyar gida.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Tsohon ma'aikacin lantarki, ɗaya daga cikin bakwai ɗin