Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Horarwa: Haske, Inuwa da Gilashi a Aikin Sauya Allo Cikin Hoto

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa masu zane da gyaran hoto na Jos da kewaye.

Kamar yadda babban taro ya ɗora mana, bana kwamitin horarwa ya tsaya ne a kan aiki guda, wato sauya allon shago a cikin hoto. Mai shago a Terminus ko Titin Bauchi ya kan kawo hoton gaban shagonsa, yana son ganin yadda sabon allo zai zauna kafin ya biya kuɗin bugawa da na mai walda. A zaman wata-wata mun riƙa duba ayyukan da mambobi suka kawo, sannan mun fita titi da wayoyinmu a hunturu da kuma damina domin ɗaukar hotunan gwaji. Abin da ya fito fili shi ne hannun mutanenmu ya faɗa a wajen zane da daidaita kusurwoyi. Inda aiki ke lalacewa shi ne wajen haske, domin yawanci ana ƙiyasta shi da ido, alhali hoton da kansa yana ɗauke da ma'aunin da ake bukata. Ga abin da muka koyar, a kan hoton da muka fi yin aiki da shi.

Hoton na wani shagon kayan masarufi ne da ke kallon kudu, an ɗauke shi da tsakar rana a watan Disamba. Tsohon allon fari ne da baƙin rubutu, yana kan firam na ƙarfe da ya fito daga bango da santimita 10, kuma bakin kwanon rufi ya jefa inuwa a kan kashi ɗaya cikin uku na samansa. A gefe akwai tagar gilashi, ga mota a ajiye a gaban shagon.

Kafin a taɓa komai a Photoshop, a ajiye kwafin hoton na asali a leya ta ƙasa a kulle ta. Wanda ya goge tsohon allo tun da farko ya zubar da abin aunawarsa. Sabon zanen kuma a shigo da shi a matsayin Smart Object, a ja kusurwoyinsa huɗu da Distort su hau kan na tsohon. Wannan kowa ya iya, ba mu daɗe a kai ba.

Sai launi. Farin da ke cikin fayil ɗin zane 255 ne a ja da kore da shuɗi, baƙinsa kuma sifili. Babu allon da ke fitowa haka a hoton titi. Da muka ɗora Eyedropper a kan farin tsohon allon inda rana ke bugu, an saita shi a 5 by 5 Average don kada ƙwayar fiksel ɗaya ta yaudare mu, sai ya ba da R 214, G 205, B 188. Fari ne mai ɗan ruwan ƙasa, saboda ƙura da kalar hasken ranar. Baƙin rubutun kuwa ya ba da R 38, G 36, B 35. Waɗannan lambobi shida su ne iyakar da sabon allo zai zauna a ciki. Sai a buɗe Levels a kan sabon allon kaɗai, a shiga kowane launi daban, a rubuta su a Output Levels: ja daga 38 zuwa 214, kore daga 36 zuwa 205, shuɗi daga 35 zuwa 188. Nan take allon ya daina ƙyalli kamar an kunna masa wuta. Mai shago zai iya cewa launinsa ya dushe. A nuna masa bangon da ke kusa, a faɗa masa haka allon gaske zai fito a wannan wuri da wannan rana.

Inuwa ce ta ci mana mafi yawan lokaci, kuma ta cancanta. Kuskuren da muka fi gani shi ne a ɗauki baƙi a rage masa Opacity a shafa. Inuwar rana ba baƙa ba ce. Wurin da rana ba ta kai ba, sararin sama ne ke haska shi, shi ya sa yake karkata zuwa shuɗi. A hotonmu, farin allon a ƙarƙashin inuwar kwano ya ba da R 128, G 131, B 142. Idan aka raba kowace lamba da takwararta ta cikin rana, za a samu 0.60 da 0.64 da 0.76 a taƙaice. A ninka da 255, sai a samu kusan R 153, G 163, B 193. Da wannan launi ake cika siffar inuwar a sabuwar leya, a sa ta a Multiply, Opacity a cike. Duk launin da ke sabon allon, ja ne ko kore, zai yi duhu daidai gwargwadon yadda inuwar gaske za ta duhunta shi. Siffar inuwar kuwa ba sai an ƙirƙira ba, a bi ta tsohon allon da Pen Tool, har da lanƙwashe-lanƙwashen bakin kwanon.

Matsala ta kan taso idan sabon allon ya fi tsohon girma, domin dole a zana inuwar da zai jefa a bango. A nan sanin garinmu yana da amfani. Jos tana kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya. A Disamba rana takan hau sama har kusan digiri 57 da tsakar rana, tana ɓangaren kudu, inuwa na faɗawa arewa, kuma sanda mai mita ɗaya tana ba da inuwa kamar santimita 66. A Yuni rana ta koma arewa, ta haura digiri 76, inuwar sandar ta dawo kudu ba ta wuce santimita 24 ba. Wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta kuwa rana na tsayawa a ka, inuwa ta shige ƙarƙashin abu. Don haka shagon da ke kallon kudu yana shan rana a fuska a Disamba, a Yuni kuma fuskarsa na cikin inuwa da tsakar rana. Wanda ya kwafo inuwa daga wani aikinsa na damina ya liƙa a hoton hunturu, ko yaro zai ji wani abu bai zauna ba.

Mu koma kan allonmu. Ya fito daga bango da santimita 10, rana na fuskantar bangon a digiri 57, inuwarsa za ta sauka ƙasa da bakin allon da kamar santimita 15. Don mayar da wannan zuwa fiksel, mun auna ƙofar shagon: mita 2 ce, ta ci fiksel 600, wato fiksel 3 a kowace santimita. Inuwar ke nan fiksel 45. Lissafin ba ya maye gurbin dubawa. A nemi wani abu a bangon da ke da inuwa, kamar akwatin mitar wuta ko bakin taga, a ja layi daga kusurwarsa zuwa kusurwar inuwarsa. A yi haka da abu biyu ko uku. Layukan za su nufi wuri ɗaya, ko da wurin yana can wajen hoton, kuma layin sabuwar inuwa dole ya nufi wurin nan. Idan ya kauce, inuwar ce ba daidai ba.

Laushin bakin inuwa ma yana da ƙa'ida. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne, saboda haka bakin inuwa yana baje da kamar santimita ɗaya a duk mita ɗaya na tazara tsakanin abu da inda inuwarsa ta sauka. Allon da ke manne kusa da bango bakin inuwarsa kaifi ne, bai kai fiksel ɗaya ba a hotonmu. Na kwanon da ke nesa da mita guda ya kai fiksel 3. Mun ga ayyuka da aka ba wa Gaussian Blur na 20, allon ya zama kamar yana shawagi a iska. Ranar da hazo ya yi kauri labari ya canza: inuwa takan yi haske ta yi laushi, baƙi ya tashi ya koma toka-toka. A irin wannan hoto a ajiye lissafi, a auna inuwar da ke kusa a kwaikwaye ta. Kada kuma a manta da siririn duhu inda firam ya taɓa bango, fiksel biyu ko uku, domin shi ke nuna allon a kafe yake.

Gilashi shi ne inda asiri ya fi tonuwa. A hotonmu, an sauya allo tsaf, amma tsohon sunan shagon yana nan a gilashin motar da ke gaba, a juye. Kafin a miƙa aiki a zagaya hoton gaba ɗaya: taga, jikin mota, tayil mai sheƙi, ruwan da ya kwanta a titi. Hoton da gilashi ke mayarwa ƙarin haske ne a kan abin da ke bayansa, don haka Screen ake sa shi, ba Multiply ba. Gilashin taga idan ana kallonsa kai tsaye yana mayar da kusan kashi 8 cikin ɗari na haske ne kawai, amma yana ƙaruwa sosai idan ana kallonsa a karkace. Shi ya sa yake bayyana a kan taga mai duhu a ciki, ya ɓace inda farin labule yake. A auna ƙarfin tsohon, a bi shi. A gilashin mota mai lanƙwasa, Warp ake amfani da shi a bi siffar tsohon.

Hotunan damina sun koya mana wani abu dabam. A jiƙaƙƙen titi, mambobi da yawa sukan juya allon su manna shi daf da ƙasansa. Ƙasa ita ce madubin. Allon da ke tsayin mita 3 daga ƙasa zai bayyana kamar ya nutse mita 3 cikin ƙasa, a auna daga inda bango ya haɗu da ƙasa. Kwalta ba ta da santsin madubi, sai ta ja hoton a tsaye, don haka Motion Blur a digiri 90 ya fi dacewa da ita.

Daga ƙarshe a zuƙo hoton zuwa 200%, a kwatanta bakin harafin sabon allo da bakin ƙofa. Zane yakan fi hoton waya kaifi da tsabta. Gaussian Blur na 0.5 zuwa 1, da Add Noise na kashi 1 zuwa 3, sukan isa, amma bangon da ke kusa shi ne alƙali.

Kwamitin yana tunatar da mambobi matsayar ƙungiya: wannan aiki na nuna wa mai shago samfuri ne da na talla. Hoton labari, ko wanda za a kai gaban hukuma a matsayin shaida, ba a sauya komai a cikinsa, kuma duk samfurin da zai fita a rubuta a jikinsa cewa samfuri ne.

Abin da ba mu kai gare shi ba bana shi ne allon dare mai fitila a ciki, wanda shi ne ke jefa haske a bango da ƙasa. Da shi za mu buɗe zaman sabuwar shekara in Allah ya kai mu. Kowane mamba ya zo da hoton shago ɗaya har sau biyu, na la'asar da na bayan magariba, daga wuri ɗaya ba tare da an motsa waya ba, kuma ya kawo fayil na asali, ba wanda aka turo ta WhatsApp ba, domin matsewar da take yi tana ɓata bakin inuwar da za mu auna.

Sakataren Kwamitin Horarwa, a madadin 'yan kwamiti.