Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga baffan yaron da ya ce ba zai bar wiwi ba

"Ɗan wana ne, shekararsa 16, yana koyon gyaran babur a wajen Ƙofar Ƙaura. Wiwi yake sha. Mun yi faɗa, mun yi nasiha, ubansa har duka ya yi. Ya dube ni ya ce shi ba zai daina ba, ba ta cutar da shi. Wanda bai ma son bari, me za a ce masa?"

Assalamu alaikum, Malam.

Da farko ka rage burin zaman. Kada ka zauna da shi don ka karɓo alkawarin dainawa, domin yaro zai iya rantse maka don ka sake shi, ya fita ya kunna a kangon farko da ya tarar. Abin da ake nema a hira ta minti 10 zuwa 15 abu biyu ne: ya faɗi da bakinsa ko da abu ɗaya da ke damunsa game da shan, kuma ya tashi ba ya gudun sake zama da kai. Wannan salon hira masanin halayyar ɗan Adam William Miller ne ya fara bayyana shi a 1983 kan masu shan giya, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa shi. Tushensa abu ne da kowane mai ƙani ya sani: mai shaye-shaye zuciyarsa biyu ce, ɗaya na so, ɗaya na ƙorafi. In ka ɗauki ɓangaren "bari", ka bar masa ɓangaren "ci gaba" ke nan, zai yi ta kare shi, kuma duk hujjar da ya kawo kunnensa na ji, tana ƙara zama masa gaskiya. "Ba ta cutar da ni" da ya gaya maka, faɗan ne ya haifar da ita.

Kai baffa ka fi uban dacewa da wannan aiki. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, yanzu kuma ga duka ya shiga tsakani. Ka zaɓi lokacin da idonsa yake fari, kamar da hantsi kafin ya je gareji, ba da dare bayan ya dawo daga majalisa ba. Wanda ya yi caji ba ya riƙe magana. Kada a yi a tsakar gida gaban ƙanne. Ka ɗauke shi a babur rakiyar wani aike, ku tsaya wurin mai shayi can gefe, don samari sun fi sakin baki in ba a kafe su da ido ba. Ka nemi izini: "Ina so mu yi maganar wiwin nan minti kaɗan, ba faɗa zan yi ba. Ka yarda?" Sannan ka gaya masa iyakar sirri tun kafin ya buɗe baki: abin da ya faɗa ba za ka kai wa ubansa ba, sai in rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari. In ka yi wannan alkawari ka karya, ba za ka sake jin gaskiya daga bakinsa ba.

Tambayar farko ita ce wadda manya ke jin nauyin yi: "Me take yi maka da kake so?" Ba yabon wiwi kake ba, kana neman sanin aikin da take yi masa ne. Mu ce ya amsa: "Tana sa ni barci, kuma in oga ya zazzage ni ba na jin zafin." Kada ka ce barcin ƙarya ne. Ka mayar masa da maganarsa a taƙaice, da muryar bayani ba ta tuhuma ba: "Wato garejin nan akwai takura, ita ce ke sauke maka." Sai ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya ga babba, amma a cikinsa yaro ke ƙaro magana. Ƙa'idar da ake koya wa ma'aikata ita ce maimaita masa maganarsa ya fi yawan tambaya, kamar sau 2 ga kowace tambaya 1, kuma shi ya fi ka yawan magana. In ka jero tambayoyi biyar, ka zama ɗan sanda.

Bayan ya gama lissafa daɗinta, sai ka juya a hankali: "To, ɗaya ɓangaren fa? Me ba ka so game da ita?" Wataƙila ya ce ba komai. Kada ka cike masa gurbin. Ka ce ya kwatanta maka ranarsa daga asuba zuwa kwanciya: yaushe yake kunna ta farko, naɗi nawa, da su wa, nawa yake kashewa. Mu ɗauka ya ce naɗi 3 a rana, kowanne naira 300. Ka bar shi ya yi lissafin da kansa: 900 a rana, 6,300 a mako, 27,000 a wata. Kada ka ce "ka gani ko?" Tambaye shi kawai abin da yake tarin kuɗi don ya saya. In ya ce saitin sifana da soket yake so ya mallaka kafin a yaye shi, to ga zaren da za ka riƙe. Sau da yawa a nan ne maganar da ake jira ke fitowa a kaikaice: "Ranar nan ma na manta ban ɗaure notin taya ba, oga ya kusa korata," ko "Inna in ta ji warin, kuka take yi." Waɗannan su ne maganganun canji. Ka wuce duk wata kariya da ya yi, ka tsaya a kansu: "Ba ni labarin ranar notin nan." Sannan ka haɗa ɓangarorin biyu da "kuma", ba da "amma" ba, domin "amma" tana share duk abin da ya gabace ta: "Tana sauke maka zafin oga, kuma ta kusa raba ka da sana'ar da kake so ka ƙware."

Akwai ma'auni mai sauƙi da ke aiki sosai a wannan gaɓa. Ka ce: "Daga 0 zuwa 10, yaya muhimmancin ka canja wani abu game da shan nan a wurinka?" Mu ce ya ce 3. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ce "don me ba 8 ba?", sai yaro ya shiga kawo dalilan ci gaba da sha. Tambayar da ta dace ita ce ta ƙasa: "Me ya sa 3, ba 0 ba?" Ba shi da amsa sai dalilan canji, kuma nasa ne. Daga nan: "Me zai faru ya kai ka 5?" In ya ce 0 tun farko, ka karɓa: "Yanzu ba ka ga dalili ba. Me za ka gani a jikinka ko aikinka da zai sa ka ce abin ya wuce gona da iri?" Iyakar da ya zana da kansa ita za ku duba a zama na gaba.

Ilimi kuwa sai da sallama ake shigar da shi. Ka fara jin abin da ya sani, ka nemi izinin ƙara masa abu ɗaya ko biyu, ka tambaye shi yadda ya gani. Kuma ka faɗi gaskiya daidai gwargwadonta. In ka ce duk mai sha haukacewa yake, zai nuna maka wani a layinsu da ya shekara 20 yana sha yana sana'arsa, shi ke nan maganarka ta faɗi. Abin da ya tabbata shi ne ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma cikin waɗanda suka fara wiwi da ƙuruciya kusan 1 cikin 6 take kamawa har su kasa bari. Maganar barcinsa ma tana da bayani: mai sha kullum in ya tsaya, cikin kwana 1 zuwa 2 barci kan ƙaurace masa, ga saurin fushi, rashin cin abinci da mafarkai barkatai. Abin ya fi tsanani a makon farko, yakan lafa cikin mako 2 zuwa 3, ko da yake barci na iya ɗaukar fiye da haka. Yaron da bai san wannan ba, in ya gwada kwana biyu ya sha wuya, sai ya ɗauka wiwin ce maganinsa.

Ƙarshen zama: ka taƙaita masa abin da ya faɗa, ka tambaya, "To yanzu me kake gani?" In ya kawo ƙaramin mataki, kamar ba zai sha kafin aiki ba, ko ba zai hau babur ɗin gwaji a buge ba, ko zai gwada kwana 7 ya gani, ka karɓa ko da a ganinka ya yi kaɗan. Ka tambayi ranar farawa da abin da zai ce in abokai sun miƙo masa. In bai kawo komai ba, ka yi masa godiya da ya faɗi gaskiya, ku sa rana bayan mako 1 ko 2. Za ka gane zaman ya karkace in ya fara "eh, amma...", ko ya koma "to, to" yana kallon ƙasa. Wannan alama ce ka yi gaba ka bar shi a baya. Ka ce, "Na ga kamar na fara yi maka wa'azi. Zaɓin naka ne," ka koma saurare. Faɗin haka ba halatta masa ba ne. In ya tambayi ra'ayinka, ka gaya masa sau ɗaya cewa ka fi son ya bari, da dalilinka.

Abu ɗaya da ba a tsallakewa: ka tambaya kai tsaye, ba tare da zaro ido ba, me yake haɗawa da ita. Tiramol, kodin, baliyam, rochi, sholisho, ka ambace su da sunansu. Tiramol mai yawa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗa shi ko kodin da ƙwayoyin barci na iya tsayar da numfashi. Wanda kuma ya saba da baliyam ko rochi kullum ba a yanke masa rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa, domin tsayawa kwatsam ma na kawo jijjiga. In ya taɓa suma, ko yana jin muryoyin da ba kowa, ko yana zargin ana bibiyarsa, ko ya yi maganar kashe kansa, hira ta ƙare a nan: ka gaya masa wannan ne sharaɗin da ka ambata, ku je asibiti a ga likitan ƙwaƙwalwa a ranar, a Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya. Haka ma in an yi zama 3 ko 4 shan na ƙaruwa, ko yana so ya rage ya kasa.

Wasu dangi za su kawo shawarar gidan mari. Ka tuna musu abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina a watan Oktoba na 2019: mutane a ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabon duka. Kuma kafin ka zauna da yaron, ka zauna da yayanka ka roƙe shi ya ajiye bulala na tsawon makonnin nan, domin in ka saurare shi da safe aka zane shi da dare, zai ɗauka kai ka kai rahoto.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinyar ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara kan shaye-shaye, Katsina.