Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sabon Mai Unguwa: Maganar Ranar Uku

"Malam, bana aka naɗa ni mai unguwa bayan rasuwar mahaifina. Duk ranar uku, da liman ya shafa addu'a sai a juyo a ce in yi wa iyalan mamaci magana, ni kuwa daga 'a yi haƙuri' sai bakina ya mutu. Me ya kamata in ce, me kuma zan bari?"

Allah ya taimaki Mai Unguwa, Allah kuma ya jiƙan mahaifinka.

Fara da sanin cewa mutanen da ke gabanka a gajiye suke. Kwana 3 suna kan tabarma, an tambaye su "ya haƙuri?" sau ɗaruruwa, sun amsa har muryarsu ta dushe. Wa'azi kuwa liman ya riga ya yi. Abin da suke jira daga bakinka daban ne: so suke su ji cewa idan an naɗe tabarmi an kwashe rumfa, ba a watsar da su ba. Saboda haka minti 5 ya ishe ka. Da ka ga mutanen baya sun fara laluben takalmansu, to ka zarce.

Bari mu ɗauki misali. Magidanci ne ɗan kasuwa ya rasu, ya bar mata 2 da 'ya'ya 9, babbansu saurayi ɗan shekara 22, autan kuma yana goye. Bayan sallama da salatin Annabi, kada ka fuskanci taro. Juya ka dubi babban ɗan da ƙannen mamacin, ka kira su da sunayensu, ka sassauta murya. Sai ka faɗi abin da Manzon Allah (SAW) ya aika wa 'yarsa da shi lokacin da ɗanta yake gargara: abin da Allah ya karɓa nasa ne, abin da ya bayar nasa ne, komai a wurinsa yana da ajali ambatacce, sai a yi haƙuri a nemi lada. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. In ka iya Larabcinsa ka kawo, amma lalle ka biyo da Hausa, don ba malaman wurin kake yi wa magana ba.

Daga nan sai shaida, kuma a nan ne dattijo ya fi kowa amfani. "Mutumin kirki ne" kowa ya faɗa, har ta daina shiga kunne. Kai ka nemo abu ɗaya tak wanda ka sani da idonka, ko ka ji daga wanda ka amince da shi: shi ne mai buɗe masallaci da asuba, ko shi ne ya sasanta maƙwabta kan rikicin kwata, ko bai taɓa barin almajiri ya wuce ƙofarsa hannu rabbana ba. Ka ce, "Wannan mun gani, mun shaida, Allah ya sa halinsa na gari ya bi shi." Irin wannan maganar ce 'ya'ya suke riƙewa har su tsufa. Idan mamacin mai wuyar zama ne, kada ka ƙirƙiro masa halin da ba nasa ba, domin iyalinsa sun fi ka saninsa, kuma da sun ji ƙarya sauran maganarka ta zube. Ka tsaya kan addu'ar gafara, ka roƙi duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. An dai hana mu zagin matattu, ba a umarce mu da yi musu ƙarya ba.

In saurayin nan ya sunkuyar da kai yana hawaye, kada ka ce masa "haba, kai fa namiji ne." Annabi da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska. Ka dakata, ka dafa kafaɗarsa, ka ba shi lokaci, sannan ka ci gaba.

Sai maganar bashi. Galibi an riga an yi cigiya a wurin jana'iza, amma ranar hankalin kowa ba ya jikinsa. Ka maimaita, kuma kada ka bar ta a buɗe. "Mai bin bashi ya zo ya faɗa" ba ta wadatar, domin mai bi yana jin nauyin tunkarar marayu, su kuma ba su san wa za su saurara ba. Tun kafin ka miƙe ka shawarci dangi su ba ka mutum ɗaya, sannan ka ce, "Duk wanda yake bin marigayi, ko marigayi yake binsa, ya ga ƙaninsa wane, daga yau zuwa Juma'a ta sama." Ka gaya wa iyalin dalili cikin taushi: ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya, kuma bashi yana gaba da wasiyya da gado. Iyakarka ke nan. Kada kalmar rabon gado ta fito daga bakinka a bainar jama'a, musamman a gidan da ke da ɗaki 2. Ko da niyyarka mai kyau ce, wani ɗakin zai ji kamar an fara ƙulla masa wani abu.

Akwai kuma alkawarin da dattawa suka saba yi: "Ku ɗauka ubanku bai mutu ba, mu ne iyayenku." Tana da daɗin ji, amma in wata ya zagayo ba wanda ya leƙo, ciwonta ya fi na shiru. Ka faɗi abin da za a iya cikawa. Matan nan za su yi takaba wata 4 da kwana 10, mai juna biyu kuwa sai ta haihu. A mazhabarmu ta Malikiyya suna da haƙƙin zama a gidan in mallakarsa ne ko ya biya haya, amma ciyar da su ba ya kan dukiyar da ya bari, sai dai daga rabonsu, rabon kuwa ba yau ba. Wannan giɓin ne yake jefa gidaje cikin yunwa alhali shagon mamaci yana kulle da kaya. Don haka ka zauna da ƙannensa tun ana gobe ranar uku, a san wa zai ɗauki cefane, wa zai ɗauki kuɗin makaranta, wa zai riƙe makullin shago da shaidu. A taro sai kawai ka ce, "An tsara wanda zai kula da gida, kuma ni da liman za mu dawo bayan mako 2." Ka kuma dawo ɗin. Ka tuna wa maƙwabta su ci gaba da aiko da kwano, kamar yadda Annabi ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci bayan ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira.

Kada ka taɓa zancen jinya. "Da an kai shi asibiti da wuri" wuƙa ce a zuciyar wanda ya yi jinyar, kuma in wani ya ɗauko ta a wurin, kai ne za ka katse da cewa kwana ne ya ƙare.

Ka rufe da addu'a gajera: Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya albarkaci bayansa, ya raya abin da ya bari, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. In ƙaramin yaro ne ya rasu, sai ka ce Allah ya sa mai ceto ne. Sannan ka gode wa waɗanda suka yi wanka da haƙar kabari, ka sallami jama'a a madadin iyali.

Saura cikin gida, inda aka fi mantawa. Duk abin da ka faɗa a ƙofar gida, matan da suka fi kowa rashi ba su ji ba. Ka sa ɗan gidan ya yi maka iso, ka tsaya daga bakin zaure na ciki, ka gai da mahaifiyar mamaci tukuna in tana raye, sannan uwargida, sannan amarya, kowacce da irin kalmomin da ka yi wa ɗayar, ba ƙari ba ragi. Ka maimaita musu da bakinka sunan wanda aka ɗora wa cefane da ranar da za ku dawo.

Wassalam.